Kafin ka tura wa kwastoma ko jami'i saƙo: rage imoji, alamar motsin rai da yaren gayu

Akwai nau'in saƙon da nake yawan gani a wayoyin 'yan'uwanmu masu harkar albasa, tafarnuwa da shinkafa a yankin Wurno, Rabah da Goronyo, musamman matasan da iyayensu suka damƙa wa wayar kasuwanci saboda su ne suka iya latse-latse. Ga kamanninsa:

```
Slm oga ykk ya market!!! kaya sun sauka fa 🔥🔥 zafafa ne wlh 45 ne last kayi magana kafin su kare!!! 🙏🙏
```

Idan abokinka ka tura wa wannan, ba komai, ya san ka, ya san yarenka. Amma idan Alhajin da ke sayen kayanka a kasuwar Mile 12 ta Legas ka tura wa, ko wani jami'i da kake neman abu a hannunsa, to ka sani ka bar ƙofa a buɗe. Abin da nake so mu tattauna yau ke nan, kuma ra'ayina a kai ɗaya ne: saƙon kasuwa da saƙon ofis shaida ne da ake ajiyewa, don haka duk abin da ba zai iya tsayawa a matsayin shaida ba, a cire shi a sa magana a madadinsa.

Bari mu ɗauki saƙon can na sama mu duba me ya faɗa da me bai faɗa ba. A cikinsa akwai alamar motsin rai guda shida, imoji huɗu, da gajerun kalmomi irin su slm, ykk da wlh. Amma babu sunan kayan. Babu yawan buhu. Ba a faɗi ko sabuwar albasa ce da aka cire jiya ba, ko wadda ta sha iska a rumbu ta bushe, alhali duk ɗan kasuwa ya san kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma ba su jure doguwar tafiya iri ɗaya. Ba a faɗi ko 45 ɗin nan ya haɗa da kuɗin buhu da lodi da mota ba, ko kuwa farashin bakin gona ne. Ba a faɗi ranar da farashin zai daina aiki ba. Wato wutar nan guda biyu da alamomin nan shida sun cika ido, har mai rubutun ya ji kamar ya gama bayani, alhali bai fara ba. Wannan shi ne babban aibin kwalliyar saƙo a wajena. Ba wai kawai tana rage maka kwarjini ba ne, a'a, tana ruɗin kai kanka mai rubutun.

Yanzu a ce Alhajin ya ga saƙon yana tsakiyar hayaniyar kasuwa, sai ya danna maka 👍 ya mayar da waya aljihu. Kai a nan Goronyo ka fassara shi da “na saya”, ka kira masu lodi, ka kama mota. Shi kuma a can abin da yake nufi shi ne “na gani, za mu yi magana”. Kwana biyu ko uku mota na kan hanya, kafin ta isa kasuwa ta faɗi, sai ya ce shi bai ce a ɗoro ba. Wa ke da gaskiya? Ka buɗe wayar ka nuna wa shugabannin ƙungiya, ba abin da za su gani sai wuta da babban yatsa.

Kada ka ɗauka wannan tatsuniya ce. An yi irinta a ƙasar Kanada har ta kai kotu. A watan Maris na 2021 wani mai sayen amfanin gona na kamfanin South West Terminal ya tura wa wani manomi hoton takardar ciniki ta waya, ya ce ya tabbatar. Manomin ya mayar masa da 👍. Lokacin kawo kaya ya yi, farashi ya tashi, manomin bai kawo ba, ya ce shi yatsan nan nufinsa kawai saƙo ya iso. A 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan ta duba yadda suka saba yin ciniki a baya da gajerun amsoshi, ta yanke cewa yatsan amincewa ne, ta ce manomin ya biya diyyar sama da dalar Kanada 82,000. Dokarsu daban da tamu, amma a nan ma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar bayanan da suka fito daga na'ura a gaban kotu idan an cika sharuɗɗa. Ko ba a je kotu ba, ai ka san yanzu da zarar rigima ta tashi a kasuwa abin da ake fara cewa shi ne “kawo wayar mu gani”.

To ga yadda zan so ka rubuta wancan saƙon. Lambobin misali ne kawai, ka sa naka:

```
Assalamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa.
Akwai busasshiyar albasa buhu 60 a Goronyo, babban buhu.
Kowane buhu N45,000, jimilla N2,700,000.
Kuɗin ya haɗa da buhu da lodi, ban da kuɗin mota.
Farashin nan zuwa yammacin Laraba ne.
Idan ka amince ka rubuto mini cewa ka saya, sai in turo lambar asusu. Na gode.
```

Ka lura babu imoji ko ɗaya, babu alamar motsin rai, amma ba wanda zai ce saƙon ba shi da ladabi. An yi sallama cikakkiya, an kira shi da sunan girmamawar da ya saba ji, an yi godiya. Gaggawar da kake son nunawa da “!!!” ga ta nan a layin da ya ce zuwa yammacin Laraba. Ingancin da kake son nunawa da wuta ga shi a kalmar busasshiya, in kana so ka ƙara masa hoto ko gajeren bidiyo na kayan. Layin ƙarshe kuma shi ne maganin babban yatsa. Idan duk da haka ya turo maka 👍, kada ka ji nauyin sake tambaya. Ka rubuta: “Alhaji, in ɗora buhu 60 a kan N45,000 ke nan?” Ka jira sai ya ce e da rubutu ko da murya. Minti ɗaya ne, amma yana iya tsare maka miliyoyi.

Dubarar da nake bi ke nan a kowane saƙo: duk inda hannuna ya kai ga alamar motsin rai ko imoji, sai in tambayi kaina wane bayani ne alamar take son maye gurbinsa. Kusan kullum za ka tarar ɗaya ne cikin uku: rana, adadi, ko roƙo. Idan rana ce, rubuta ranar. Idan adadi ne, rubuta shi da lambobi cikakku. Idan roƙo ne, rubuta “don Allah” sau ɗaya ya isa.

Maganar adadi tana da muhimmanci a yankinmu fiye da wasu wurare, domin muna hulɗa da 'yan'uwanmu na Nijar ta ɓangaren Illela da Ƙonni. A bakin dattawanmu jaka ɗaya Naira 200 ce, a bakin mutumin Nijar kuwa jika ɗaya sefa 1,000 ce. Matashi ya rubuta 45k, dattijon da bai saba ba ya ga k ɗin ya ɗauka kuskuren hannu ne ko ma kwabo. Wani ya rubuta “45” zalla, ya bar mai karatu ya cika sifili da kansa. A baki ana iya gyara wannan nan take, amma a rubuce yana nan yadda ka bar shi. Saboda haka ka rubuta N45,000 da sifilinta uku, kuma idan da baƙin kuɗi ake ciniki ka ambaci Naira ce ko sefa.

Sai kuma wani ɓangare da mutane da yawa ba su sani ba, wanda ya shafi katin wayarka kai tsaye. Ba duk wanda kake hulɗa da shi ne ke kan WhatsApp ba. Manoma da yawa a fadamun Wurno da ƙauyukan Rabah ƙaramar waya mai madannai suke riƙewa, ga kuma matsalar sabis da ta sa wani lokaci tes ne kawai ke wucewa. Shi tes shafinsa ɗaya yana ɗaukar harafi 160 ne idan ka tsaya a kan haruffan boko na yau da kullum. Da zarar ka saka imoji ko da guda ɗaya, wayar za ta sauya tsarin rubutun saƙon gaba ɗaya zuwa wani tsari da shafinsa ke ɗaukar harafi 70 kacal. Idan saƙon ya wuce shafi ɗaya ma, kowane shafi sai ya koma 67, saboda ana cire wani abu don haɗa shafukan. Ƙari a kan haka, yawancin imoji gurbin harafi biyu suke ci.

Mu yi lissafi. Ka rubuta tes mai harafi 150, shafi ɗaya ke nan. Ka ƙara 🙏 a ƙarshe don ladabi, ya zama 152 a sabon tsari. Shafi biyu suna ɗaukar 134 ne kawai, don haka ya zama shafi uku. Idan ana cire maka N6 a kowane shafi, saƙon N6 ya koma N18. Idan kai sakataren ƙungiyar manoma ne kana tura sanarwar taro ga mutum 50, abin da za ka biya N300 ya koma N900. Abin takaicin ma, a ƙananan wayoyi da yawa hoton ba zai fito ba, sai dai ɗan akwati ko alamar tambaya. Ka biya ninki uku don ka tura wa dattijo akwatin da babu komai a ciki. Za ka iya gane hakan da kanka: yayin da kake rubuta tes, yawancin wayoyi suna nuna ƙaramar lamba kusa da maɓallin turawa, mai nuna sauran haruffa da yawan shafi. Saka imoji ka ga yadda za ta yi tsalle. Kuma ka sani haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, su ma suna jawo wannan sauyin. A WhatsApp babu wannan matsala, ka yi amfani da su yadda ya kamata. A tes kuwa sai ka auna: idan kalmar ba za ta rikita ba ka bar ta da harafin da ba lanƙwasa, idan kuwa za ta rikita, kamar kafa da ƙafa, gara ka biya shafin.

Ko a manyan wayoyi ma, abin da ka gani ba lallai shi ɗayan ya gani ba. Kowane kamfani da zanensa na imoji, kuma sabon imoji ba ya fitowa a wayar da manhajarta ta tsufa. Sannan ma'anar kanta ba a daidaita a kanta ba. Hannayen nan biyu 🙏 wani godiya yake nufi da su, wani roƙo, wani addu'a, wani ban haƙuri. Fuskar nan mai dariya har da hawaye 😂 kuwa, sau nawa ka ga an saka ta a ƙarƙashin sanarwar rasuwa saboda an ɗauka kuka ne? Ka yi tunanin kwastomanka ya rubuto cewa an yi masa rashi shi ya sa kuɗinka suka yi jinkiri, ka mayar masa da wannan. Rubuta ta'aziyyarka da kalmomi, kamar yadda za ka faɗa masa da kun haɗu.

Yanzu mu koma kan jami'ai, domin a nan dokar ta fi tsauri. Bambancin jami'i da kwastoma shi ne, sau da yawa ba shi ne mai yanke hukunci ba. Malamin gona, jami'in rabon ruwa a filayen noman rani da ke ƙarƙashin madatsar Goronyo, ko ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma, idan ka kawo masa buƙata yakan tura saƙon naka ne sama yadda yake, ko ya ɗauki hoton allo ya aika wa maigidansa. To ka tambayi kanka: wannan saƙon nawa, zai iya tura shi ba tare da ya ji kunya ba? Duba wannan:

```
Oga wai ya ake ciki ne??? shinkafa zata mutu fa!!! 😭😭 pls do something
```

Mai rubutun yana da gaskiya, gonarsa na bushewa. Amma jami'in bai san ko wane ne ba, domin wataƙila bai adana lambarsa ba. Bai san wane fili ba ne, bai san tun yaushe ba. Alamomin tambaya uku a jere kuma, a kunnen babba, daidai suke da ɗaga murya. Mutum zai iya jin an yi masa tsawa ya share, ko da kuwa yana da niyyar taimakawa. Ga yadda za a gyara:

```
Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.
Sunana wane, sakataren ƙungiyar manoman shinkafa ta fili kaza.
Yau kwana 9 ruwa bai iso magudanarmu ba, shinkafa kuma ta fara ciki.
Gonaki 24 abin ya shafa. Na haɗo hotuna biyu na safiyar yau.
Muna roƙon a sanar da mu ranar da za a sako mana ruwa. Mun gode.
```

Duk wanda ya san noma, da ya ga kwana 9 da shinkafa mai ciki ya san abin ya kai inda ya kai, ba ya buƙatar fuskar kuka ta gaya masa. Tsarin kuma ɗaya ne ko da me kake nema: gaisuwa, ko kai wane ne, abin da ya faru da rana da adadi, buƙata guda ɗaya, godiya. Ɗalibin Rabah da ke bibiyar takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma shi ma haka zai yi: cikakken suna kamar yadda yake a fom, gundumarsa, ranar da ya miƙa takardu, sannan tambayar yaushe zai zo karɓa. Ba “yallaɓai ya labarin abin nan” ba.

Kada kuma garin gyara ka faɗa ɗaya ramin. Na ga waɗanda da aka ce su rage kwalliya sai suka yanke har da gaisuwa, saƙo ya koma “Turo kuɗi.” A ƙasar Hausa wannan ya fi imoji goma muni. Abin da za ka rage shi ne gajartawa, ba girmamawa ba. Slm ta koma cikakkiyar sallama, ngd ta koma na gode, “oga” da “baaba” da “mutumina” su koma Alhaji, Hajiya, Malam, Yallaɓai ko ranka ya daɗe, gwargwadon yadda za ka kira mutumin a gabansa. Idan ka saba cewa “ranka shi daɗe” irin tamu ta Sakkwato, rubuta abinka, karin harshe ba yaren gayu ba ne. Sannan ba na cewa imoji haramun ne a kasuwanci. A tallan da kake ɗorawa a Status, ko hira da tsohon kwastoma bayan an gama ciniki kuɗi sun shiga, murmushi ɗaya ba laifi. Ka bar shi ya fara, kai ka biyo baya, kuma kada imoji ya taɓa zama shi kaɗai ne amsar maganar kuɗi, rana ko yawan kaya.

Saura yadda za ka sa wayar ta taimake ka, domin yawanci ba niyya ke kawo imoji ba, kibod ne ke miƙo maka shi. Idan Gboard kake amfani da shi, shiga Settings ɗinsa, ka nemi sashen Emojis, stickers & GIFs, ka kashe Emoji fast-access row da sauran shawarwarin imoji da sitika da ke wurin. Sunayen kan ɗan bambanta daga waya zuwa waya, amma a sashen nan suke. Daga nan ka koma Dictionary, ka shiga Personal dictionary, ka zaɓi harshe, ka danna alamar ƙari. A layin sama ka rubuta Assalamu alaikum, a wurin Shortcut ka rubuta slm. Daga yau duk lokacin da hannunka ya rubuta slm kamar yadda ya saba, cikakkiyar sallamar za ta fito a saman kibod, ka taɓa ta kawai. Yi haka wa ngd da lfy da sauran waɗanda suka kama maka hannu.

Idan WhatsApp Business gare ka, shiga Business tools ka buɗe Quick replies, ka ajiye tsarin saƙon ciniki irin na sama, ka bar gurbin adadi da farashi da rana. Duk lokacin da kake cikin hira ka rubuta alamar / sai su fito ka zaɓa ka cike guraben. Idan akwai lambar da kake so ido ya faɗa a kanta, maimakon “!!!” ka sa ta tsakanin taurari biyu kamar haka, za ta fito da kauri:

```
*N2,700,000*
```

Wuri ɗaya ko biyu ya isa a saƙo, in ka kaurara komai ka koma gidan jiya. Idan kuma ka riga ka tura sannan ka ga gyara, WhatsApp yana ba ka minti 15 ka danne saƙon ka zaɓi Edit. Sai dai zai nuna Edited a jikinsa, kuma mai yiwuwa mutumin ya riga ya karanta na farkon. Don haka idan farashi ko adadi ne ya sauya, kada ka gyara a ɓoye, tura sabon saƙo ka ce ga gyara, domin kada gobe a ce ka canza magana.

Gwajin ƙarshe da nake ba kowa shawara ba ya buƙatar data. Kafin ka danna turawa, karanta saƙon a bayyane kamar kana karanta wa wanda bai iya karatu ba, domin a ƙauyukanmu sau da yawa haka ake yi, yaro ne ke karanta wa mahaifinsa. Duk abin da bakinka ya kasa furtawa, ko wuta ce, ko yatsa, ko ykk, to mai sauraro ba zai same shi ba. Idan bayan ka tsallake su saƙon ya faɗi kaya, adadi, kuɗi, rana da abin da kake so a yi, tura shi. Idan ka ji akwai rami, cike shi da kalmomi tukuna.